Fashin baƙi: Da me ƙwaƙwalwa ke rayuwa idan mutum ya yi kwanaki bai ci abinci ba?

Tun da doguwar ƙauracewa abinci da rage cin sitaci suka zama abin yayi ga masu neman rage ƙiba, kalmar "kiton", wato wani makamashi da hanta ke ƙerawa daga kitse, ta shiga bakin jama'a, kuma kowa da yadda ya ɗauke ta. Wasu na cewa ƙwaƙwalwa ba ta da abinci sai sukari, saboda haka duk wanda ya daɗe bai ci ba yana cutar da ita. Wasu kuma na cewa da zarar mutum ya yi awa goma sha shida bai ci komai ba, ƙwaƙwalwarsa ta koma ƙona kiton, kuma wai wannan ya fi sukari inganci. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa jin kalmar ba sai a asibiti, ranar da aka kwantar da mai ciwon sukari cikin mawuyacin hali, don haka a wurinsu kiton guba ne. Kowace magana cikin ukun tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ba za a gane inda kowace ta kauce ba sai an amsa tambaya guda: idan sukarin da jiki ya tanada bai wuce na kwana ɗaya ba, me ya sa mutumin da ke shan ruwa zai iya yin makonni ba abinci, kuma hankalinsa bai gushe ba?

Lissafin da ya tilasta wa jiki neman mafita

Mu ɗauki mutum mai lafiya da nauyinsa ya kai kilo 70. Ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke kashewa a lokacin hutu. A ranar da yake cin abinci yadda ya saba, tana ƙona kimanin giram 120 na gulukos, wato sukarin da ke yawo a cikin jini, kuma ba ta rage wannan buƙata sosai ko da yana barci. Ba ta kuma da wani rumbu na a zo a gani, shi ya sa idan sukarin jini ya faɗi ƙasa ainun mutum kan rikice ko ya suma cikin 'yan mintuna.

Rumbun sukarin jiki ana kiransa gilaikojin. Hanta tana riƙe da kimanin giram 80 zuwa 100, tsoka kuma tana riƙe da wajen giram 400. Sai dai na tsoka nata ne ita kaɗai, domin ba ta da sinadarin da zai ba ta damar sakin gulukos zuwa cikin jini. Abin da ƙwaƙwalwa za ta dogara da shi ke nan shi ne na hanta, wanda kan kusan ƙarewa cikin kwana ɗaya.

Daga nan sai hanta ta shiga ƙera sabon gulukos, kuma babban abin da take ƙera shi da shi furotin ne, wanda akasarinsa daga tsoka ake yankowa. A nan ne lissafin ke ɓaci. Ana buƙatar kusan giram 200 na furotin kafin a samu giram 120 na gulukos, kuma tun da furotin kashi ɗaya ne kawai cikin biyar na nauyin tsoka, saura ruwa ne, hakan na nufin asarar kusan kilo ɗaya na nama a kowace rana. Mutum ba ya iya rasa fiye da sulusi zuwa rabin furotin ɗin jikinsa ya rayu, domin zuciya da tsokar numfashi su ma nama ne. Da a ce babu wata hanya, da mutumin nan bai wuce 'yan makonni kaɗan ba.

Abin mamakin shi ne, wannan mutum yana ɗauke da kimanin kilo 12 na kitse, wanda ya haura kalori 100,000, isasshen kuzarin wajen wata biyu. Wato zai mutu da yunwa ne alhali rumbunsa cike yake, saboda dalilai biyu. Na farko, jikin ɗan Adam ba ya iya mayar da asid ɗin kitse, wanda shi ne mafi yawan abin da kitse ya ƙunsa, ya zama gulukos. Ɗan guntun da ake kira gilisarol ne kaɗai, wanda bai fi kashi ɗaya cikin goma na nauyin kitse ba, ke iya komawa sukari. Na biyu, ƙwaƙwalwa ba ta ƙona kitse yadda tsoka ke yi. Asid ɗin kitse ba ya narkewa a ruwa, don haka yana tafiya a cikin jini ne a manne da wani babban furotin mai suna albumin, kuma akwai shinge mai tsauri tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda ba ya barin irin wannan kaya ya wuce da yawa. Ko ɗan abin da ya wuce ma, ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ba su da isassun kayan aikin ƙona shi.

Kiton shi ne gadar da ta haɗa rumbun kitse da ƙwaƙwalwa.

Mene ne kiton

Sinadarai uku ne ake haɗawa a ƙarƙashin wannan suna. Na farko asito-asitet, wanda shi hanta ke fara samarwa. Na biyu bita-haidiroksibutiret, wanda ake samu daga na farkon, kuma shi ne ya fi yawa a cikin jinin mai doguwar yunwa. Na uku asiton, wanda ke ɓallewa da kansa daga na farkon, kuma wani kasonsa ta huhu yake fita. Shi ne ke sa numfashin wanda ya daɗe bai ci ba ya riƙa wani wari mai kama da na 'ya'yan itace da suka nuna suka wuce misali.

Biyun farko ne makamashi. Ƙanana ne, kowannensu yana da ƙwayar kabon huɗu kacal, alhali asid ɗin kitse da aka fi samu yana da 16 ko 18. Suna narkewa a ruwa, don haka suna yawo a cikin jini ba tare da ɗan dako ba. Amma dukansu asid ne, kuma wannan siffa ce za ta dawo mana da matsala a gaba.

Yadda hanta ke ƙera shi

Umarnin farko daga insulin yake fitowa, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, ko kuma a ce daga raguwarsa. Muddin mutum yana cin abinci, insulin yana kulle rumbun kitse. Idan aka jima ba a ci ba sai insulin ya sauka, kishiyarsa gulukagon ya hau, ƙwayoyin kitse kuma su fara farfasa abin da suka tara suna zuba asid ɗin kitse a cikin jini. Tsoka da zuciya suna ɗiba su ƙona kai tsaye, wani kaso mai yawa kuma ya isa hanta.

A cikin kowace ƙwayar hanta akwai ɗaruruwan ƙananan murahu da ake kira maitokondiriya, inda ake ƙona abinci don samun kuzari. Kitse ba ya shiga wannan murhu sai ta wata ƙofa, kuma ƙofar a rufe take a lokacin ƙoshi. Abin da ke rufe ta shi ne wani sinadari da hanta ke samarwa a yayin da take ƙera sabon kitse daga rarar abinci, kuma hikimar hakan a fili take, domin babu ma'ana a riƙa gina abu ana rushe shi a lokaci guda. Masu bincike Denis McGarry da Daniel Foster ne suka gano wannan makulli a shekarar 1977. Idan insulin ya sauka, ƙera kitse ya tsaya, makullin ya ragu, sai ƙofa ta buɗe.

Da shigar asid ɗin kitse cikin murhu sai a riƙa daddatsa shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da kabon biyu. Ana kiran gunduwar asitil-ko'e, kuma asid mai kabon 16 yana bayar da guda takwas. A ƙa'ida kowace gunduwa za ta haɗu da wani sinadari mai suna okzalo-asitet, su shiga zagayen da ke ƙone ta ƙurmus. Amma hantar mai yunwa tana cikin wani hali na daban. Tana kwashe okzalo-asitet ɗin tana ƙera gulukos da shi, sannan daddatsa kitsen kansa ya riga ya samar mata da kuzarin da ya ishe ta, don haka ba ta da buƙatar ƙone gunduwoyin. Sai su taru fiye da yadda zagayen zai iya ɗauka.

A nan ne hanta ke yin abin da sauran gaɓoɓi ba sa yi da yawa. Tana haɗa gunduwa biyu, ta ƙara ta uku a kai, sannan ta sake cire guda, abin da ya rage shi ne asito-asitet mai kabon huɗu. Wannan ɗan zagaye na ƙarawa da cirewa yana iya zama kamar ɓata lokaci, amma shi ne wurin da jiki ke sarrafa yawan abin da ake samarwa, domin sinadarin da ke ƙara gunduwa ta ukun yana yawaita a lokacin yunwa, insulin kuma yana danne shi. Daga nan ake juya mafi yawan asito-asitet ya koma bita-haidiroksibutiret, duka biyun su fita zuwa jini. A tsakiyar doguwar yunwa hantar babban mutum tana iya fitar da wajen giram 150 a rana.

Hanta kuwa ba ta amfana da ko kaɗan daga ciki. Domin a ƙona kiton sai an fara kunna shi da wani sinadari na musamman, kuma hanta ba ta da shi. Ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Da tana da shi, da ta riƙa cinye abin da take ƙerawa tun kafin ya fita.

Dalilin da ya sa ƙwaƙwalwa ke iya karɓarsa

Abubuwa biyu ake buƙata, hanyar shiga da kayan ƙonawa, kuma ƙwaƙwalwa tana da duka biyun tun kafin a fara yunwa. A jikin shingen da ke tsakaninta da jini akwai ƙananan ƙofofi da ke shigar da asid masu ƙaramin jiki, kuma kiton ya dace da su. Da ya shiga ƙwayar jijiya sai a bi da shi baya-baya: bita-haidiroksibutiret ya koma asito-asitet, a kunna shi da sinadarin nan da hanta ta rasa, a raba shi gida biyu, a samu gunduwar asitil-ko'e guda biyu. Wannan gunduwa kuwa ita ce dai wadda ƙwaƙwalwa ke samu idan ta farfasa gulukos. Murhun ba ya tambayar daga ina gunduwar ta fito. A taƙaice, hanta ce ta yi wa ƙwaƙwalwa aikin da ba ta iya yi, ta daddatsa kitsen, ta ɗaure shi biyu-biyu cikin ƙunshin da zai wuce shinge.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne cewa babu wani maɓalli da ake dannawa ƙwaƙwalwa ta bar sukari ta koma kiton. Yawan abin da take ɗauka ya dogara ne kusan kacokan a kan yawan abin da ke cikin jini. Idan kaɗan ne ta ɗauki kaɗan, idan ya yawaita ta ɗauki mai yawa, ta rage gulukos daidai gwargwado.

Ana auna shi da ma'aunin da na'urori ke nunawa da mmol/L. A jinin wanda ya ci abinci yana wajen 0.1. Bayan kwanan dare ba a ci ba, da wuya ya wuce 0.3 ko 0.4. Bayan kwana biyu zuwa uku yakan kai 1 zuwa 2 ko ya ɗan ɗara, kuma a wannan mataki ƙwaƙwalwa na samun kimanin rubu'i zuwa sulusin kuzarinta daga gare shi. Sai an shiga makonni yake daidaita a tsakanin 5 da 7. Wani abu da ke taimaka wa wannan hauhawa shi ne halin tsoka, wadda a kwanakin farko take cin kiton sosai, amma daga baya ta koma kan asid ɗin kitse ta bar wa ƙwaƙwalwa shi. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ga cewa mai yin awa 14 ko 16 ba abinci, sannan ya ci ya ƙoshi, bai ko kusanci wannan hali ba. Ƙwaƙwalwarsa tana nan a kan gulukos ɗin da hanta ke saki, kuma abincin da ya ci zai tayar da insulin ya dakatar da ƙera kiton cikin 'yan awanni.

Binciken da ya tabbatar da haka

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, abin da ake koyarwa shi ne ƙwaƙwalwa ba ta ƙona komai sai gulukos, kiton kuwa shara ce da ke fitowa idan al'amura sun lalace. Likita George Cahill da abokan aikinsa a birnin Boston na Amurka sun lura cewa wannan bai yi daidai da lissafi ba, domin furotin ɗin da masu doguwar yunwa ke asara, wanda ake iya ƙiyastawa daga fitsarinsu, bai kai ya samar da sukarin da aka ce ƙwaƙwalwa na buƙata ba.

A binciken da abokin aikinsa Oliver Owen ya jagoranta, wanda aka wallafa a 1967, an duba mutum uku masu ƙiba sosai da suka yi mako biyar zuwa shida ba abinci a ƙarƙashin kulawar likitoci. An ɗebi jinin da ke shiga ƙwaƙwalwa da wanda ke fitowa daga cikinta ta jijiyar wuya, aka kwatanta su. Duk abin da ya shiga da yawa ya fito da kaɗan, to ƙwaƙwalwa ce ta cinye bambancin. Sakamakon ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 na makamashinta daga kiton yake.

Mu koma ga mutuminmu mai kilo 70. A mako na biyar, buƙatar ƙwaƙwalwarsa ta gulukos ta sauko daga giram 120 zuwa wajen 40. Gilisarol ɗin da ke fitowa daga kitsen da yake ƙonawa kullum yana biyan kusan rabin wannan. Saboda haka furotin ɗin da yake asara, wanda a kwanakin farko ya kai kimanin giram 75 a rana, ya sauko zuwa wajen 20. Abin da zai ƙayyade tsawon rayuwarsa ya tashi daga yawan namansa ya koma, galibi, yawan kitsensa.

Amma a lura cewa 40 ba sifili ba ne. Ƙwaƙwalwa ba ta taɓa barin gulukos gaba ɗaya, domin zagayen da ke ƙona gunduwoyin yana buƙatar a riƙa cike masa giɓin sinadaransa, kuma kiton ba ya iya wannan aiki. Jajayen ƙwayoyin jini kuma ba su da maitokondiriya ko ɗaya, don haka ba su da abinci sai sukari. Shi ya sa asarar nama take raguwa amma ba ta tsayawa. A ganina, nan ne masu kururuta kiton suke wuce gona da iri: abin da aka tabbatar shi ne yana iya maye gurbin babban kaso na sukari, ba wai yana ƙara wa lafiyayyen mutum basira ba. Inda aka san amfaninsa a matsayin magani shi ne farfaɗiyar yara da ta ƙi jin magani, wadda tun 1921 likita Russell Wilder ya fara gwada mata abinci mai yawan kitse da ƙarancin sitaci, da kuma wata cutar gado da ke hana gulukos tsallaka shingen ƙwaƙwalwa yadda ya kamata.

Inda kiton ke zama haɗari

Tun da kiton asid ne, me ke hana jinin mai yunwa yin tsami? Amsar ita ce akwai birki. Insulin ɗin lafiyayyen mutum yana sauka, amma ba ya ƙarewa, kuma ɗan abin da ya rage ya isa ya hana rumbun kitse buɗewa gaba ɗaya. Idan kiton ya yi yawa, shi da kansa yana rage wa ƙwayoyin kitse saurin farfasawa. Ƙoda kuma tana fitar da rarar asid ta cikin fitsari. Da haka ma'aunin tsamin jini, wanda a rubuce ake nuna shi da pH, yake zama kusa da inda ya saba, tsakanin 7.35 da 7.45, ko ya ɗan sauka kaɗan.

Mai ciwon sukari nau'i na ɗaya, wanda jikinsa ba ya samar da insulin, ba shi da wannan birki. Idan ya tsallake allurarsa, ko wata rashin lafiya ta ƙara masa buƙatar insulin, jikinsa zai ɗauka ana cikin matsananciyar yunwa alhali jininsa cike yake da sukari. Kitse zai riƙa kwarara zuwa hanta ba iyaka, kiton ya haura 10, wani lokaci ya kai 20, pH ya faɗi ƙasa da 7.3, kuma duk wannan na iya faruwa cikin yini ɗaya. Alamominsa su ne ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, da kuma rikicewar hankali. Ga mai ciwon sukari, kiton da ya kai 3 a gwajin jini abin garzayawa asibiti ne, ko da yake lafiyayyen mutum mai doguwar yunwa na iya wuce wannan adadi ba tare da jininsa ya yi tsami ba. Adadin kaɗai ba ya raba hali biyun. Sai an dubi sukari da tsamin jini da kuma ko akwai insulin a jiki.

Akwai wasu da ke tsaka-tsaki. Masu juna biyu da masu shayarwa da ƙananan yara suna shiga halin kiton da sauri fiye da sauran mutane, domin buƙatarsu ta gulukos ta fi yawa idan aka kwatanta da abin da suka tanada. Masu shan giya da yawa ba tare da cin abinci ba su ma jininsu na iya yin tsami. Haka kuma akwai rukunin magungunan ciwon sukari da ke zubar da sukari ta fitsari, waɗanda kan jefa mutum cikin wannan haɗari alhali na'urar gwajin sukari tana nuna adadi kusan daidai, abin da ke sa a makara wajen gane matsalar.

Gwajin kansa yana da tarko. Tsinken da ake tsomawa a fitsari asito-asitet yake gani, ba ya ganin bita-haidiroksibutiret, wanda kuwa shi ne ya fi yawa, kuma rinjayensa yana ƙaruwa ne daidai lokacin da lamarin ya fi muni. Don haka tsinken na iya nuna kaɗan alhali jini cike yake. Idan aka fara magani kuma, bita-haidiroksibutiret yana komawa asito-asitet, sai launin tsinken ya ƙara duhu a daidai lokacin da majiyyaci ke samun sauƙi. Wannan ne ya sa likitoci suka fi dogara da gwajin ɗigon jini daga yatsa, wanda ke auna bita-haidiroksibutiret kai tsaye.